Yadda za a bayyana matsalar kwamfuta ga masu gyara har su warware ta a amsa ɗaya

Rabi Akanta:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kwamfuta a cikinku. Kwamfutar da ofishinmu ya ba ni, ta tafi-da-gidanka, ta fara mutuwa da kanta tun makon jiya, allon ya yi shuɗi, sannan ta sake tashi. Masu kula da na'urorinmu suna babban ofishi a wani gari, ta imel kawai muke samunsu, kuma kowace amsa tana ɗaukar kwana guda. Ranar Litinin na rubuta musu cewa: "Kwamfutata tana mutuwa da kanta, ina jin bairos ne ya shige ta, don Allah a taimaka da gaggawa." Ranar Talata suka tambaye ni wace kwamfuta ce. Na faɗa musu. Ranar Laraba suka tambaye ni me take rubutawa idan ta mutu. Yau Alhamis, ƙarshen wata ya matso, lissafin albashi yana jirana, kuma har yanzu ba a fara maganar gyara ba. Me ya kamata in rubuta musu a saƙo ɗaya domin a daina wannan kai-komo?

Injiniya Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Rabi. Na yi shekaru ina zaune a irin kujerar waɗanda kike rubuta wa, don haka bari in faɗa miki yadda saƙonki na Litinin yake a idon mai karanta shi. A cikinsa akwai abu ɗaya da kika gani, wato mutuwar kwamfutar, akwai abu ɗaya da kike zato, wato bairos, kuma zaton ya cinye wurin da ya kamata a ce bayani ne a ciki. Kalmar "mutuwa" kanta tana iya nufin abubuwa aƙalla uku da maganinsu bai haɗu ba. Akwai kwamfutar da take ɗaukewa ɗif kamar an zare mata wuta, babu rubutu babu komai, wannan ana fara duba zafi da batir da caja. Akwai wadda take daskarewa, hoton yana nan a allo amma komai ya tsaya. Akwai kuma wadda take nuna shuɗin allo da rubutu sannan ta tashi da kanta, kuma wannan ita ce ta fi sauƙi, domin kwamfutar ta faɗi abin da ya kayar da ita da bakinta. A nan kin gaya mana allon yana yin shuɗi, amma su ba ki gaya musu ba.

Saboda haka abu na farko shi ne ki samo mana rubutun da ke kan shuɗin allon, harafi da harafi. A ƙasan allon akwai layin da ya fara da `Stop code`, wani lokaci kuma akwai wani layin da ya fara da `What failed`. Waɗannan biyun su ne zuciyar saƙonki. Kada ki fassara su, kada ki taƙaita su, ki kwafo su yadda suke.

Rabi Akanta:
Na gode, Injiniya. Matsalar ita ce rubutun ba ya daɗewa. Kafin in ɗauko waya in buɗe kyamara ta riga ta sake tashi, shi ya sa ban iya amsa tambayarsu ta Laraba ba.

Injiniya Sani:
Hanya mafi sauƙi ita ce ki ajiye wayar a kusa, ki kunna ɗaukar bidiyo kafin ki taɓa kwamfutar, daga baya ki tsayar da bidiyon a wurin rubutun. Akwai kuma hanyar hana ta tashi da kanta: a danna madannin `Windows` tare da `R`, a rubuta `sysdm.cpl`, a shiga `Advanced`, sannan `Settings` da ke ƙarƙashin `Startup and Recovery`, a cire alamar da ke kan `Automatically restart`. Sai dai a kwamfutar ofis mai yiwuwa ta nemi izinin mai kula da ita, wanda ba lallai kina da shi ba. Idan ta nema kuma ba ki da shi, ki rubuta wannan ma a ajiye, domin zai yi amfani a cikin saƙon.

Alhaji Bala Mai Kwafi:
Ni a ganina duk wannan wahala ce. Shekara goma sha biyu ina da shagon buga takardu da kwafi, kuma duk kwamfutar da ta fara irin wannan halin sai in kira yaron da ke mana gyara ya yi mata fomatin, ya zuba mata sabuwar manhaja, washegari ta koma aiki. Malama ta nemi izini ta kai ta kasuwa, awa biyu an gama.

Hajiya Zainab:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma kwamfutar shago daban, ta ofis daban. Wannan tana ɗauke da lissafin albashin mutane, kuma ba mallakin Malama Rabi ba ce da za ta miƙa wa wanda ofis bai sani ba. Ban da haka, tambayarta a kan yadda za ta rubuta saƙo ne. Ni ma ina shugabantar wani sashe, kuma kullum ma'aikatana suna kuka cewa masu gyara ba sa amsawa, amma idan na karanta abin da suka aika sai in ga "firinta ta ƙi aiki" kawai, alhali firinta huɗu ne a benen.

Aminu Ɗalibi:
Malama Rabi, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, kuma ina da wata hanya. Ki buɗe `Event Viewer`, wato wurin da `Windows` yake ajiye tarihin abubuwan da suka faru a kwamfutar, ki shiga `Windows Logs` sannan `System`, za ki ga jajayen layuka. Na tabbata za ki tarar da `Kernel-Power` mai lamba 41. Tawa ta taɓa yin haka, kuma cajar ce ta lalace saboda wutar janareta. Sunan ma ya nuna maganar wuta ce. Ki rubuta musu cewa matsalar caja ce ko batir, su aiko miki da sabo, kin ga an gama a amsa ɗaya.

Rabi Akanta:
Na duba kamar yadda ka ce, Aminu, kuma lallai akwai `Kernel-Power` 41 har sau shida. To in rubuta musu cewa caja ce?

Injiniya Sani:
A'a, Malama, ki dakata. Aminu ya kai ki wurin da ya dace, amma fassararsa ta zarce abin da rubutun ya ce. Wannan lamba 41 abin da take nufi kawai shi ne kwamfutar ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba. Za ta bayyana idan batir ya ƙare, za ta bayyana idan mutum ya danne madannin kunnawa har ta mutu, kuma za ta bayyana bayan kowane shuɗin allo, ko mene ne ya jawo shi. Ba ta faɗin dalili. A wurin Aminu caja ce, kuma ban musa ba, amma da kin rubuta "matsalar caja ce" da kin maimaita kuskuren Litinin da sabon suna: jiya bairos, yau caja. Za su aiko da caja bayan mako guda, kwamfutar ta ci gaba da faɗuwa, kuma takardar ƙorafinki an riga an rufe ta da cewa an warware.

Abin da za ki ɗauka daga wurin shi ne adadi da lokaci, wato sau shida, da ranaku da sa'o'in da aka rubuta a gefensu. Kusa da kowanne ki nemi wani layi mai suna `BugCheck` da lamba 1001, domin shi yana ajiye lambar kuskuren ko da ba ki samu ɗaukar hoton allon ba.

Aminu Ɗalibi:
Na karɓi gyara, Injiniya. Amma har yanzu ina ganin ya kamata ta gwada ta a kan batir kaɗai da kuma a kan caja, domin a fitar da maganar wuta daga lissafi.

Injiniya Sani:
Wannan shawara ce mai kyau, kuma ita ta kawo mu abu na biyu, wanda ya fi komai rage yawan tambayoyi. Mai gyara yana son ya san yaushe matsalar take faruwa, kuma yana son ya san yaushe ba ta faruwa. Malama Rabi, ki dubi sa'o'i shidan nan ki tuna me kike yi a kowanne. Kina tsakiyar aiki ne, ko kin dawo daga wani wuri ne kika buɗe ta?

Rabi Akanta:
Yanzu da ka tambaya na lura da wani abu. Uku daga ciki wajen ƙarfe biyu da rabi ne na rana, wato lokacin da nake dawowa daga sallar azahar. Biyu kuma da safe ne bayan taron sashe. Ɗaya ne kawai ban tuna ba. Ni dai na saba rufe murfin idan zan tashi, idan na dawo in buɗe. Ban taɓa ganin ta faɗi ina cikin rubutu ba. Na kuma yi dabarar bidiyon yanzu, na rufe ta na minti goma na buɗe, sai ga shuɗin allon. Ga abin da ya rubuta:

```
Stop code: DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL
What failed: Netwtw06.sys
```

Injiniya Sani:
Madalla. Kin yi abin da masu gyara suka fi so a duniya, wato kin gano yadda za a jawo matsalar da gangan. Matsalar da take zuwa lokacin da ta ga dama tana cin makonni, amma wadda za a ce "rufe murfi, jira minti goma, buɗe" ana iya gwada maganinta nan take a ga ko ya yi.

Layin farko yana cewa wani direba ne ya taɓa wurin da bai kamata ba a ƙwaƙwalwar kwamfutar. Direba a nan ƙaramar manhaja ce da take tsakanin `Windows` da wani sashe na na'urar, kamar firinta ko lasifika. Layi na biyu ya ambaci sunan fayil ɗin, kuma fayilolin da sunansu ya fara da `Netwtw` na direban na'urar waifai ne. Amma ina jan kunne, har da kaina: fayil ɗin da aka ambata shi ne wanda aka kama a wurin, ba kullum ne shi ne mai laifin ba, domin wani lokaci wata manhajar tsaro ce take tura shi ya faɗi. Don haka gwaji ɗaya ya rage. Ki kashe waifai, ki rufe murfin ki buɗe sau biyar. Sannan ki kunna waifai ki maimaita sau biyar. Ki haɗa da gwajin Aminu na caja da batir. Abu ɗaya za ki riƙa sauyawa a kowane zagaye, domin idan kika sauya biyu a lokaci guda kuma matsalar ta ɓace, babu wanda zai san wanne ne ya yi aikin.

Hajiya Zainab:
Injiniya, ina da ja a nan. Idan ma'aikaciya za ta ɓata awa biyu tana rufe murfi tana buɗewa, tana karanta lambobi, to mene ne aikin waɗanda ake biya albashi domin gyara? Ina tsoron kada mu ɗora wa mai ƙorafi nauyin da ba nasa ba. Kuma na san masu gyara da ba sa karanta dogon saƙo, layi biyu na farko suke dubawa su aiko da amsar da suka saba aikawa kowa.

Injiniya Sani:
Hajiya, maganarki ta biyu gaskiya ce, kuma na sha ganin abokan aikina suna yin haka. Maganinta shi ne tsarin saƙon: kan imel ɗin da layi biyu na farko su ɗauki matsalar gaba ɗaya, sauran bayani ya biyo baya ga mai buƙata. Game da ta farko kuwa, da mai gyaran yana bene ɗaya da Malama Rabi, da na ce ta ɗauki kwamfutar ta ajiye masa a tebur. Amma yana wani gari, kuma ba shi da ido a kan na'urar sai nata. Gwajin da ba ta yi yau ba, shi zai ce ta yi gobe, sannan ta jira jibi ya karanta sakamakon.

Hajiya Zainab:
Na fahimta, amma ban gamsu gaba ɗaya ba. Malama Rabi tana da haƙuri da ilimin bin waɗannan matakai. Akwai ma'aikata a sashena da idan aka ce su buɗe `Event Viewer` to an gama da su. A ganina ofis ne ya kamata ya tanadi fom mai tambayoyi huɗu ko biyar, ba kowa ya koyi aikin injiniya ba.

Rabi Akanta:
Na gama gwajin. Da waifai a kashe, sau biyar ban ga komai ba. Da waifai a kunne, ta faɗi sau huɗu cikin biyar, biyu a kan caja, biyu a kan batir. Saura me?

Injiniya Sani:
Saura tambayar da kowane mai gyara yake yi, kuma kusan kowa yake amsa ta da "babu abin da na taɓa", wato me ya sauya kafin matsalar ta fara. Mutane ba ƙarya suke yi ba, kwamfutar ce take sabunta kanta ba tare da sun lura ba. Ki danna `Windows` da `R` ki rubuta wannan:

```
perfmon /rel
```

Zai buɗe jadawali na kwanaki, jajayen alamomi su ne faɗuwa, shuɗaye kuma su ne abubuwan da aka girka ko aka sabunta. Ki dubi ranar faɗuwar farko da kwana biyu ko uku kafin ta. Daga nan ki sake danna `Windows` da `R` ki rubuta `winver` domin ki samu sigar `Windows` ɗinki. Sunan ƙirar kwamfutar da lambarta suna kan takardar da ke manne a ƙarƙashinta, kuma idan ofis ya manna tasa lambar kadara, ita za ki fara sakawa, domin da ita suke nemo ta a rajistarsu.

Rabi Akanta:
Na samu. Ranar Alhamis ta makon jiya akwai sabunta direba mai ɗauke da kalmar `net` a sunansa, kuma faɗuwar farko ranar Juma'a ce. Sai dai na tuna cewa a makon ne ma aka sauya na'urar da ke raba mana intanet a ofis. Ga abin da na tsara, na cire lambobin kwamfutar kafin in saka shi a nan.

Kan saƙo: Shuɗin allo idan na buɗe murfi da waifai a kunne, `Netwtw06.sys`, sau 11 tun Juma'a

Kwamfutata mai lambar kadara kaza, ƙira kaza, `Windows 11` siga `23H2`, tana nuna shuɗin allo ta sake tashi idan na buɗe murfinta bayan ta yi barci. Rubutun allon shi ne `DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL`, kuma `What failed: Netwtw06.sys`. Hoton yana haɗe.

Yadda za a jawo ta: a bar waifai a kunne, a rufe murfi na minti goma, a buɗe. Ta faɗi sau 4 cikin 5, a kan caja da a kan batir duka. Da waifai a kashe ba ta faɗi ko sau ɗaya ba cikin gwaji 5. Ba ta taɓa faɗuwa ina tsakiyar aiki ba.

Ta fara ranar Juma'ar makon jiya. Ranar Alhamis kafin nan an sabunta wani direba na sadarwa, hoton jadawalin yana haɗe. A makon kuma an sauya na'urar intanet ta ofis, ban san ko yana da alaƙa ba. Ban girka komai da kaina ba, ban kuma cire komai ba.

Ba ni da izinin mai kula da kwamfutar, don haka idan gyaran yana buƙatarsa sai kun shigo daga can. Ina ofis daga ƙarfe 8 zuwa 4, ban da ƙarfe 2 zuwa 2 da rabi. Dole in miƙa lissafin albashi ranar Talata. Kafin nan ina aiki ba tare da rufe murfin ba.

Injiniya Sani:
Wannan saƙo ne da zan iya amsawa ba tare da na tambaye ki komai ba. Na ji daɗin yadda kika saka maganar na'urar intanet kika ce ba ki san ko tana da alaƙa ba, domin haka ake shigar da zato: a ajiye shi a gefe da sunansa na zato. Sakin layi na ƙarshe kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Da ba ki ambaci izini ba, amsarsu za ta kasance "buɗe `Device Manager` ki danna `Roll Back Driver`", ki je ki tarar ba a ba ki dama ba, kwana guda ya sake tafiya. Kuma "ranar Talata" ta fi "da gaggawa" ƙarfi nesa ba kusa ba, domin kowane saƙo da ke gabansu cewa yake da gaggawa.

Ƙari biyu kawai. Kin yi daidai da kika rubuta lambar kuskuren da hannu kuma kika haɗa hoto, domin rubutu ana iya kwafarsa a bincika, hoto kuma yana kare ki idan kin yi kuskuren harafi. Na biyu, ki ƙara layi ɗaya cewa akwai fayiloli a `C:\Windows\Minidump` idan suna so. Su ne bayanan da kwamfutar ta ajiye lokacin faɗuwa. Su kaɗai za ki ba wa, kada ki saka su a wuri irin wannan, domin suna iya ƙunsar guntun abin da ke cikin ƙwaƙwalwar kwamfutar a lokacin. Kalmar sirrinki kuwa kada ta shiga imel ko da an nema.

Alhaji Bala Mai Kwafi:
To ni ma bari in tambaya, tunda ana ciki. Firintata babba tana fitar da baƙin layi a gefen kowace takarda. Wace lamba zan duba?

Hajiya Zainab:
Alhaji, taka ba ta da shuɗin allo, amma ka ga abin da aka yi a sama. Ka gaya wa mai gyaranka ko layin yana fitowa a kwafi ne kaɗai ko har a abin da aka tura daga kwamfuta, da wane gefe yake, da ko ya fara ne bayan an sauya tawada.

Injiniya Sani:
Hajiya ta riga ni. Idan a kwafi kaɗai yake fitowa, a fara goge gilashin da ake ɗora takarda. Idan har a abin da aka tura daga kwamfuta ne, to matsalar tana cikin ɓangaren bugawa. Amma Alhaji ya buɗe wa wannan zance nasa wurin daban, kada ya cakuɗe da na Malama.

Rabi Akanta:
Ga yadda aka ƙare. Na aika saƙon da yammacin Alhamis. Safiyar Juma'a suka amsa cewa za su shigo kwamfutar daga can da ƙarfe goma. Suka shigo, suka mayar da direban waifai zuwa tsohuwar sigarsa, suka ce in sake gwajina. Na rufe na buɗe sau biyar da waifai a kunne, ba ta faɗi ba. Aikin da suka yi daga can bai kai minti ashirin ba. Ba su ce komai a kan na'urar intanet ɗin ba, ni ma ban sake tayar da maganar ba.

Aminu Ɗalibi:
Alhamdu lillahi. Amma Injiniya, idan sabuntawa ce ta kawo sabon direban tun farko, me zai hana ta sake kawo shi wata mai zuwa?

Injiniya Sani:
Babu abin da zai hana, sai idan sun toshe shi daga wurinsu ko an fitar da sigar da ta gyaru, kuma daga nan ba za mu iya sanin ko sun yi hakan ba. Malama Rabi, ki tambaye su wannan a cikin zaren imel ɗin nan, kada ki buɗe sabo. Ki kuma nemi lambar sigar direban da suka cire da ta wanda suka mayar, ki ajiye su tare da saƙonki na Alhamis. Idan ta sake faɗuwa, ki fara duba `perfmon /rel` ki ga ko lambar da aka cire ce ta dawo.